Jinin Biƙi Yana da Ƙa'ida: Yadda Ake Rarrabe na Lafiya da na Cuta

Kowace mace da ta haihu sai ta ga jini na wasu makonni, ko da kanta ta haihu ko tiyata aka yi mata. Wannan shi ne jinin biƙi, kuma ba cuta ba ne. A gidajen Hausawa da yawa ana auna shi ne da kwanaki: a jira arba'in ta cika, kafin nan duk abin da ya zubo ana ɗaukarsa datti ne da ya kamata ya fita. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ƙirgen kwanaki kaɗai bai isa ya tsare ran mai jego ba. Jinin biƙi yana da tafarki guda da yake bi, wato kullum ya ragu, launinsa ya dusashe, kuma kada ya yi ɗoyi. Ranar da ya kauce wa wannan tafarki, to akwai dalili, kuma manyan dalilan biyu ne: ko ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa, ko wani guntun mabiyiya ya maƙale a ciki. Wannan sani bai kamata ya tsaya a wurin likitoci da ungozomomi ba, domin mafi yawan lokaci matsalar tana bayyana ne bayan an koma gida, inda babu likita a kusa.

Daga ina jinin yake fitowa?

Tsawon watannin ciki, ɗan tayi yana samun abinci da iska ta hanyar mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya. Wata tsoka ce mai faɗi kamar faifai, nauyinta wajen rabin kilo, tana manne da bangon mahaifa daga ciki. A ƙarshen ciki jinin da ke kwarara zuwa mahaifa yana haura rabin lita a kowane minti ɗaya, kuma mafi yawansa wurin mabiyiyar yake nufa. Da an haifi jariri sai mabiyiya ta ɓamɓare daga bangon ta faɗo. Abin da ta bari a gurbinta rauni ne mai faɗin tafin hannu, cike da bakunan jijiyoyin jini a buɗe.

Babu mai ɗinke wannan rauni. Mahaifa ce da kanta take tsayar da jinin, domin bangonta tsoka ce wadda zarurrukanta suka saƙu da juna kamar saƙar tabarma, jijiyoyin kuma ta tsakanin saƙar suka ratsa. Idan tsokar ta tsuke, sai ta shaƙe jijiyoyin, kamar yadda ake matse tiyon ruwa da hannu. Bayan haka jini ya daskare a bakunansu ya toshe su. Sinadarin da ke sa mahaifa ta tsuke sunansa oksitosin, kuma jikin uwa yana sakinsa duk lokacin da jariri ya kama nono. Shi ya sa mai jego take jin mararta tana murɗawa yayin shayarwa a kwanakin farko, har ta ji ɗan jini ya zubo. Wannan murɗa alama ce ta cewa mahaifa tana aikinta.

Daga nan sai mahaifa ta fara komawa girmanta na da. Ranar haihuwa nauyinta kusan kilo ɗaya ne, kuma idan an taɓa cikin za a ji samanta daidai cibiya, da tauri kamar ƙwallo. Kullum tana sauka wajen faɗin yatsa ɗaya. Bayan mako ɗaya nauyin ya ragu zuwa rabi, bayan mako biyu kuma ta shige cikin ƙugu har ba a jin ta daga waje. Jinin biƙi shi ne abin da ke fitowa yayin wannan aiki: jinin raunin, da tsohuwar shimfiɗar cikin mahaifa da take saɓulewa, da majina, da fararen ƙwayoyin jini masu share wurin. Saboda haka maganar tsofaffi cewa akwai abin da ya kamata ya fita tana da gaskiya. Kuskuren shi ne a ɗauka cewa yawan fitar jinin shi ne tsarkakar cikin. Rauni ne yake warkewa, kuma ba a taɓa jin raunin da yawan zubar jini ya taimaka masa ba.

Tafarkin jinin lafiya

Kwana uku ko huɗu na farko jinin ja ne, ya fi na haila yawa, kuma yakan zo da ƙananan gudaje. Daga nan sai ya tsinke, ya koma ruwan hoda ko ruwan ƙasa. Wannan mataki yakan kai wajen kwana goma, a wurin mata da yawa ma har mako uku. A ƙarshe sai ya zama ruwa fari ko mai ɗan rawaya, kaɗan-kaɗan, har ya ɗauke. Yawancin mata yana ɗauke musu ne tsakanin mako huɗu da mako shida. Wata takan tsarkaka tun kafin haka, wata kuma takan ɗan wuce arba'in tana ganin ɗigo, kuma dukansu lafiya lau suke. Warinsa irin na jinin haila ne, wato ƙarni, ba ɗoyi ba.

Akwai ƙananan sauye-sauye da ba su da haɗari. Mace ta kwana a kwance, da ta miƙe da safe sai ta ji jini ya zubo a lokaci guda. Wannan wanda ya taru ne cikin dare. Ta yi aiki mai nauyi, kamar daka ko ɗibar ruwa, sai jinin ya ɗan ƙaru ranar. Idan ta huta ya koma yadda yake. Haka nan tsakanin kwana na 7 da na 14 ɓawon da ya rufe gurbin mabiyiya yakan ɓalle, sai jan jini ya dawo na ɗan lokaci. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, ƙaruwar ba ta daɗewa, cikin 'yan sa'o'i take lafawa, kuma mai jegon tana jin ƙarfin jikinta, babu zazzaɓi, babu jiri.

Ita kuwa arba'in, a lura da abin da take aunawa. Al'ada ta ware kwanakin nan domin mai jego ta huta a kula da ita, kuma lissafin ya yi kusa da mako shidan da mahaifa take ɗauka kafin ta koma daidai. Malaman fiƙihu ma sun yi wa jinin biƙi iyakar kwanaki saboda hukuncin salla da azumi, a mazhabar Malikiyya kwana sittin. Duk waɗannan lissafe-lissafe suna amsa tambayar yaushe ne jinin zai ƙare. Ba su amsa tambayar ko jinin yau na lafiya ne ba. Mace tana iya rasa ranta a kwana na goma alhali tana tsakiyar arba'in ɗinta.

Idan guntun mabiyiya ya maƙale

Fuskar mabiyiya da ke manne da mahaifa a rarrabe take zuwa ɓangarori goma sha biyar zuwa ashirin, kamar ɓawon kunkuru. Ɗaya daga cikinsu yana iya yagewa ya zauna a ciki, musamman idan an ja igiyar cibiya da ƙarfi kafin mabiyiyar ta saki da kanta. Wani lokaci kuma mabiyiya tana da wani ɗan ƙaramin reshe a gefe, wanda zai tsaya a ciki bayan babbar ta fito sumul. Wani lokaci tantanin jakar ruwan ne yake saura. Macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ko wankin ciki ta fi fuskantar wannan, domin mabiyiya takan kafe sosai a kan tabo. Wannan ne dalilin da ƙwararriyar ungozoma take shimfiɗa mabiyiya a faranti, ta duba ko ɓangarorin sun haɗu babu giɓi, ta kuma duba ko akwai jijiyar da ta bi tantanin ta yanke a hanya. Bai kamata a yi gaggawar binne mabiyiya ba kafin wanda ya san aikin ya duba ta.

Illar guntun da ya maƙale a fili take. Mahaifa ba ta iya tsukewa sosai a kan abin da ke cikinta, kamar yadda hannu ba ya dunƙulewa idan akwai dutse a tafi. Jijiyoyin da ke ƙarƙashin guntun suna nan a buɗe. Idan guntun babba ne, jini zai ɓalle tun ranar haihuwa. Idan ƙarami ne, yana iya yin shiru mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ya fara ɓamɓarewa ya buɗe jijiyoyin. Alamominsa su ne jan jinin da ya ƙi dusashewa bayan mako guda, ko jinin da ya dusashe sa'an nan ya dawo ja da yawa ba zato, tare da manyan gudaje, wani lokaci har da abu mai kama da tsoka. Mara tana murɗawa kamar naƙuda, domin mahaifa tana ƙoƙarin fitar da baƙon abu. Idan an taɓa cikin za a ji mahaifar ta fi girman da ya dace da kwanakinta, kuma da laushi.

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga

Rauni mai faɗin tafin hannu, a wuri mai ɗumi da danshi, ga jini yana kwance, ga bakin mahaifa a buɗe: babu abin da ƙwayoyin cuta suke so kamar haka. Suna hawowa ne daga farji, ko a shigar da su da hannu ko tsumma ko kayan aiki marasa tsabta. Haɗarin yana ƙaruwa idan faya ta fashe aka yi kusan yini guda ba a haihu ba, ko naƙuda ta yi tsawo, ko an yawaita sa hannu ana dubawa, ko an ciro mabiyiya da hannu. Haihuwar tiyata ita ce ta fi kowanne ƙara haɗarin, shi ya sa ake ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a fara ta.

Tarihin wannan ciwo darasi ne. A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Vienna, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a sashen da ɗaliban likita ke karɓar haihuwa, waɗanda sukan zo kai tsaye daga ɗakin fiɗar gawa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, sai mace-macen suka faɗi warwas cikin 'yan watanni. Hannun mai karɓar haihuwa, a asibiti ne ko a ɗaka, har yau yana daga cikin ƙofofin da ciwon ke shigowa.

Cutar takan bayyana ne cikin kwana goman farko. Alamarta ta farko zazzaɓi ne, ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 38 ko fiye, sau da yawa da rawar ɗari. Sai ciwon mara wanda ba ya zuwa ya tafi kamar murɗar shayarwa. Yana nan daram, kuma yana ƙaruwa idan an danna. Sai jinin ya sauya, ya yi ɗoyi ko ya gauraya da mugunya. Mahaifar da ta kumbura ba ta tsukewa yadda ya kamata, don haka jinin yakan ƙaru ko ya ƙi ɗaukewa. Amma a kiyaye abu ɗaya: rashin ɗoyi ba shaidar lafiya ba ce. Akwai wata ƙwayar cuta, irin wadda ke kawo ciwon maƙogwaro, da takan shiga mahaifa ta bazu cikin jini da sauri, alhali jinin biƙin kaɗan ne kuma ba ya wari. Mai jego da ke numfashi da sauri, ko zuciyarta na bugawa fiye da sau ɗari a minti, ko hankalinta ya fara gushewa, tana cikin haɗari ko da ƙunzugunta fes yake.

A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, tarkon da ake yawan faɗawa shi ne a ɗauki kowane zazzaɓi na sauro ne. A sayo magani a kemis, a jira kwana uku a ga ko zai sauka, alhali kwana ukun nan sun ishi cutar ta fita daga mahaifa ta shiga jini. Mai jego tana iya kamuwa da zazzaɓin sauro kamar kowa, haka nan kumburin nono da ciwon mafitsara suna kawo zafin jiki. Amma rarrabe su aikin gwaji ne da dubawar ma'aikacin lafiya. A sani kuma cewa matsalolin nan biyu sukan zo tare, domin guntun mabiyiyar da ya mutu a ciki abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

Misali: mata biyu a kwana na tara

A ɗauki misalin mata biyu da suka haihu rana ɗaya, aka yi suna lafiya, ga shi yau kwana tara. Jinin kowaccensu ya riga ya koma ruwan ƙasa, sai da hantsi kowacce ta ga ja ya dawo.

Ta farko ta sa sabuwar auduga da ƙarfe goma. Da ƙarfe goma sha ɗaya ta duba, rabinta ne ya jiƙe, da ɗan guda ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa. Ta yi fitsari, ta kwanta, ta ba jariri nono. Zuwa azahar jinin ya ragu, zuwa magariba ya koma ruwan ƙasa. Jikinta babu zafi, ta ci tuwonta, kuma da aka taɓa cikin mahaifar tana can ƙasa dab da ƙashin mara, da tauri, babu ciwo. Wannan ya yi daidai da ɓallewar ɓawon rauni, tare da gajiyar hidimar suna. Abin da take bukata hutu ne da ci gaba da lura, ta kuma faɗa wa ungozoma a dubawar da ke tafe.

Ta biyu ma ta sa auduga da ƙarfe goma. Kafin sha ɗaya ta jiƙe sharkaf, ta sauya, kafin sha biyu ta biyun ma ta jiƙe har ya taɓa zane. Ta yar da guda mai girman ƙwan kaza. Da ta miƙe za ta je bayi sai ta ji jiri, idanunta suka yi duhu. Da aka tambaye ta sai ta ce tun shekaranjiya take jin sanyi-sanyi da yamma, kuma jinin ya fara wari. Mahaifarta tana nan kusa da cibiya, inda ya kamata a ce ta bari tun kwanaki, da laushi, tana kuma jin zafi idan an danna. Wannan mace ba ta da sauran jira. A nemi mota nan take a nufi asibitin da ke iya ƙarin jini, a tafi da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya ba da jini, a ɗauki katin awo. A hanya a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, a rufe ta, wata mace ta riƙa murza mata mara domin mahaifar ta tsuke. A tafi da audugar da ta jiƙe da abin da ta yar a leda, domin ganinsu ya fi kowane bayani amfani ga likita.

A asibiti za a auna bugun zuciyarta da hawan jininta da zafin jikinta, a ɗaura mata ruwa, a ɗebi jini a ga yawan da ya rage mata da rukuninsa. Za a yi mata allurar oksitosin domin mahaifa ta tsuke, a fara ba ta magungunan kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Akan haɗa iri biyu ko uku ne, kamar kilindamisin da jentamisin, saboda ƙwayoyin da ke kawo ciwon ba iri ɗaya ba ne. Sa'an nan a yi hoton ciki. Hoton yana da iyaka, domin daskararren jini da guntun mabiyiya sukan yi kama a allon na'ura. Ya fi ƙarfi wajen tabbatar da cewa mahaifa babu kome a cikinta. Idan an ga akwai saura kuma jinin bai tsaya ba, sai a yi wankin ciki, a zuƙo abin da wani siririn bututu. Likitoci ba sa gaggawar yin wannan ga kowa, domin mahaifar mai jego tana da laushi, ana iya huda ta, kuma kankara da yawa tana barin tabon da zai manne bangonta ya hana haila ko ciki nan gaba. Idan magani ya kama, zazzaɓin yakan sauka cikin kwana biyu ko uku.

Abin da ya raba matan nan biyu ba launin jinin ba ne, domin dukansu ja suka gani. Amsar tambayoyi huɗu ce ta raba su. Yaya yawansa a cikin sa'a ɗaya? Yana raguwa ko ƙaruwa? Yana wari? Yaya mai jegon take ji a jikinta? Duk macen da take jiƙa auduga guda cikin sa'a ɗaya har sa'o'i biyu a jere, ko ta yar da guda kamar ƙwai, ko ta ji jiri, ko zazzaɓi, ko ɗoyi, ko ciwon mara mai ƙaruwa, asibiti za a kai ta a ranar. Mai amfani da tsumma sai ta tsaya ga girma ɗaya da ninki ɗaya, domin ta iya kwatanta jiya da yau.

Akwai sauran hali ɗaya. Idan jini ya wuce mako shida yana zuwa yana ɗaukewa, ko da ba shi da yawa, a je a duba. Mai yiwuwa haila ce ta dawo, domin macen da ba ta shayarwa tana iya ganin ta tun mako shida zuwa takwas. Mai yiwuwa ɗan ƙaramin guntu ne ya saura. Likita yakan yi gwajin ciki a nan, saboda akwai wata cutar daji da ba a cika samu ba wadda ke tsirowa daga ƙwayoyin mabiyiya, kuma tana jin magani sosai idan an gano ta da wuri.

Wa ya kamata ya sani?

Wani zai ce wannan bayani zai jefa mata cikin tsoro, su riƙa cika asibiti da abin da bai taka kara ya karya ba, ga kuɗin mota ga na kati. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin babban jinin da ke dawowa bayan kwana ɗaya da haihuwa ba ya samun fiye da mace ɗaya ko biyu cikin ɗari. Amma sanin ƙa'idar yana rage tsoro ne. Mace ta farko a misalin nan ta zauna a gida da kwanciyar hankali saboda tana da abin aunawa. Wadda ba ta da shi, ko dai ta firgita da kowane ɗigo, ko kuma, wanda ya fi yawa, ta yi shiru da kowane irin jini.

Wani kuma zai ce wannan sha'anin mata ne, kuma tsofaffin da ke wankan jego sun fi kowa sani. Babu shakka suna da sani, kuma su ne suke ganin mai jego safe da yamma, don haka su ne suka fi cancanta a koya wa alamomin nan. Sai dai ido shi kaɗai yana ruɗi. Hatta ma'aikatan asibiti sukan raina yawan jinin da suka gani. Wani babban bincike da aka buga sakamakonsa a 2023, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya nuna cewa auna jinin haihuwa da leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna a haɗe nan take, ya rage munanan sakamakon zubar jini da wajen kashi 60 cikin ɗari. Idan ƙwararru suna bukatar ma'auni, to na gida sun fi bukata. Bugu da ƙari, mata da yawa suna shiga naƙuda da ƙarancin jini tun farko, kuma irin waɗannan abin da wata za ta jure shi zai kayar da su.

Sauran cikas ɗin kunya ce. Mai haihuwar fari, wadda watakila ba ta cika shekara ashirin ba, tana jin nauyin gaya wa surukarta cewa jininta yana wari, balle ta gaya wa miji. Shi kuma mijin, wanda a hannunsa izinin fita da kuɗin mota suke, an koya masa cewa ɗakin mai jego ba huruminsa ba ne. A nan makaranta take da rawar takawa. Malamin kimiyyar halittu da ya koyar da yadda ciki ke shiga da yadda ɗan tayi ke girma, bai kamata ya rufe darasin a kan haihuwa ba. Ya ƙara darasi ɗaya a kan makonni shidan da ke biyo baya, ga 'yan mata da samari baki ɗaya. Ɗalibar da ke aji biyar yau ita ce ake aikawa ta taya yayarta zaman jego, kuma tana iya riƙe agogo ta ƙirga auduga. Ɗalibi kuma shi ne mai gidan gobe.

Asibitoci ma suna da nasu nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego sau huɗu: cikin sa'o'i 24 na farko, da wajen kwana na uku, da tsakanin kwana na 7 da na 14, da kuma mako na shida. Dubawa ta biyu da ta uku sun faɗo daidai lokacin da cutar mahaifa da maƙalallen guntu suka fi bayyana, amma su ne al'adar zaman ɗaka ta fi hanawa. Fita zuwa asibiti ba ta karya jego. Kuma kada a sallami mace daga ɗakin haihuwa sai an gaya mata alamomin nan da harshen da take ji, a gaban wadda za ta kula da ita.

Kammalawa

Jinin biƙi shaidar rauni ne da ke warkewa a cikin mahaifa, kuma yana warkewa ne a bisa tsari sananne: daga ja zuwa ruwan ƙasa zuwa fari, daga yawa zuwa kaɗan. Ƙaruwar da ta lafa cikin 'yan sa'o'i a jikin mace mai ƙarfi ba abin damuwa ba ce. Ƙaruwar da ta ɗore, ko ta zo da manyan gudaje, jiri, zazzaɓi, ɗoyi ko ciwon mara, tana nufin mahaifa ta kasa tsukewa ko ta kamu da cuta, kuma dukansu suna da magani a asibiti idan an isa da wuri. Hausawa sun ce jiki magayi. Aikin mutanen gida shi ne su riƙa tambayar mai jego kowace safiya yadda jininta yake, su saurari amsar, kuma su yanke shawarar inda za a kai ta da motar da za a hau tun kafin ranar bukata ta zo.